Yadda ake tura rikodin taron Zoom ta linki, a ƙayyade masu kallo da ranar rufewa

Shekara uku ina sakataren wata ƙungiyar adashi da ba da rance ta ma'aikata, kuma duk taron da muka yi a Zoom ni ake jira in tura rikodinsa ga waɗanda ba su samu halarta ba. Karon farko na kwafi linki na jefa a guruf ɗinmu na WhatsApp na tashi. Bayan wata biyu wani da ba ɗan kwamiti ba ya tare ni a bakin masallaci yana yi mini jajen bashin wani mambanmu, har da adadin kuɗin. Ba wanda ya yi mana kutse. Linkin ne ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, domin ban sa masa iyaka ba. Tun daga ranar nake amsa tambaya uku kafin in tura kowane rikodi: wa zai kalla, me zai iya yi da shi bayan kallo, kuma zuwa yaushe.

Zan bi da kai ta wani taro guda, mataki-mataki. Kwamiti ne na mutum 14, an zauna ranar Asabar 8 ga wata, an ɗauki awa ɗaya da minti 35 ana duba takardun masu neman rance. Mutum uku ba su zo ba. Akwai kuma odita na waje da yake son jin yadda aka yanke shawara. Taro na gaba ranar Asabar 22 ga wata ne, don haka bayan ranar babu mai buƙatar rikodin sai ni da nake rubuta bayanin taro.

Da farko, gano inda rikodin yake

Zoom na da hanyar naɗa iri biyu. Ɗaya tana ajiye fayil a kwamfutar da aka yi taron da ita, ɗayar kuma tana ajiyewa a rumbun Zoom na intanet, wadda a allo za ka ga an rubuta Record to the cloud. Ta biyun ce kawai take ba ka linki mai izini da ranar rufewa, kuma sai asusun da ake biyan kuɗinsa yake da ita. In da asusun kyauta kuka yi taro, rikodin yana cikin kwamfuta, maganarsa na nan tafe a ƙasa.

Rikodin yana zuwa ne asusun wanda ya shirya taron, ko da mataimakinsa ne ya danna maɓallin naɗa. In shugaban ƙungiya ne ya kira taron da asusunsa, to a can za a yi duk saitin nan, kada ka ɓata lokaci kana nema a naka. Kuma ba ya fitowa nan take. Zoom sai ya gama sarrafa shi, wanda kan ɗauki kusan ninki biyu na tsawon taron, wani lokaci ma fiye. Taron awa ɗaya da rabi da aka tashi da azahar, sai bayan la'asar nake dubawa. Imel zai shigo in ya kammala.

Kada ka tura wa mutane wannan imel ɗin yadda yake. Yana ɗauke da linki da lambar sirri a wuri guda, kuma a lokacin ba ka riga ka duba saitin komai ba.

Kalli rikodin kafin kowa

Buɗe burauza a kwamfuta, ka shiga `zoom.us` da asusun mai taron. A jerin da ke gefen hagu nemi Recordings, wanda a sabon tsari suka mayar Recordings & Transcripts, sannan ka zaɓi Cloud Recordings. Danna sunan taron. Za ka tarar ba fayil ɗaya ba ne: akwai bidiyo, sau da yawa akwai na murya zalla, akwai fayil ɗin saƙonnin da aka rubuta wa kowa a lokacin taro, wani lokaci har da rubutaccen abin da aka faɗa. Linki ɗaya ne yake kai mutum ga waɗannan, shi ya sa ya kamata ka san abin da ke cikin kowanne.

Kalli farkon bidiyon da ƙarshensa. A taronmu na 8 ga wata, minti bakwai na farko gaisuwa ce da jiran ma'aji, kuma a ciki ne Hajiya take ba wa wata labarin rashin lafiyar mijinta, ba ta lura an fara naɗa ba. A ƙarshe kuma an manta ba a tsayar ba, sai da aka ƙara minti huɗu ana hira. Cikin shafin kunna bidiyon akwai alamar almakashi da ake saita inda kallo zai fara da inda zai tsaya. Na ja farkon zuwa minti 7, ƙarshen zuwa awa 1 da minti 31. Sai dai kada ka ɗauka wannan yankan ya gama magana. In har za ka bari a sauke fayil ɗin, sauke shi da kanka tukuna ka ga ko yankakken ne ya zo ko cikakken, ka kuma saurari na muryar, domin fayil ne daban.

Buɗe na saƙonnin ma. A nan mutane kan rubuta lambar asusun banki da lambar waya ba tare da tunani ba.

Wa zai kalla

Danna Share a gefen rikodin. Taga za ta buɗe da zaɓin waɗanda za su iya kallo. Zoom kan sauya lafazin zaɓuɓɓukan daga lokaci zuwa lokaci, amma ma'anarsu ba ta sauyawa, kuma huɗu ne: babu kowa sai kai, duk wanda linki ya faɗo hannunsa, waɗanda suke ƙarƙashin asusun ƙungiyarku kuma suka shiga da shi, sai kuma mutanen da ka lissafa da adireshin imel ɗinsu.

Na biyun, na duk mai linki, shi ya fi sauƙi kuma shi ya ja mini abin da na ba ka labari. Bai san Malam daga ɗan Malam ba. Ya dace da wa'azi, darasi, ko taron da dama don jama'a aka yi. Na ukun yana da kyau a ma'aikatar da kowa yake da asusun Zoom na ofis, amma a ƙungiya irin tamu, inda mutum ɗaya ne yake biya sauran suna shiga da asusun kansu, zai rufe wa kowa ƙofa. Za ka ji ana ta kiranka cewa linki ya ƙi buɗewa, alhali saitin ne bai dace da ku ba.

Ga taron da aka ambaci sunayen mutane da bashinsu, na huɗun nake zaɓa. A wurin da aka tanada don tura wa keɓaɓɓun mutane, na rubuta imel huɗu: na 'yan kwamiti ukun da ba su zo ba, da na odita. Sauran goma sha ɗayan sun halarta, ba su buƙata, in wani ya nema daga baya ƙara shi bai fi minti ɗaya ba.

Akwai wahala ɗaya a nan, gara ka san ta tun da wuri. Wanda ka lissafa sai ya shiga Zoom da ainihin imel ɗin da ka rubuta. Mutanenmu da yawa suna da imel biyu ko uku, kuma wayarsu tana shiga da wanda yaro ya buɗe musu ranar da aka sayo ta. Alhaji mataimakin shugaba ya kira ni da daddare:

"Sakatare, abin nan naka ya ce ba ni da izini."

"Ranka ya daɗe, da wane imel ka shiga?"

"Imel kuma? Ni dai dannawa na yi."

Sai da ɗansa ya karɓi wayar ya karanto mini adireshin da ke ciki, na ga ba shi ne na cikin rajistarmu ba. Yanzu kafin in saita komai nakan tura saƙo: kowa ya aiko mini da imel ɗin da Zoom ɗinsa yake kai. In mutum ba shi da asusu gaba ɗaya, buɗe na kyauta ya wadatar.

In ka ga ba za a iya wannan ba, misali mutum 60 ne kuma rabinsu ba su san imel ɗinsu ba, to koma ga na duk mai linki, amma ka ɗaure shi da lambar sirri da gajeren wa'adi, kuma ka sani ka rage tsaro ne don sauƙi.

Me zai iya yi bayan kallo

Cikin wannan taga akwai Share Settings. Layin da ya fi kowanne nauyi shi ne Viewers can download. In yana kunne, kashe shi. Dalili kuwa shi ne duk sauran matakan a kan linki suke aiki, fayil ɗin da ya sauka a wayar mutum kuwa ya fita daga hannunka. Ranar rufewa ba ta bin sa, sauya lambar sirri ba ya taɓa shi, ko ka goge rikodin daga Zoom yana nan a wayarsa, kuma daga nan zuwa WhatsApp dannawa biyu ne.

Za a yi maka ƙorafi, kuma ƙorafin yana da tushe. Kallo kai tsaye yana cin data duk lokacin da aka kunna, ga shi in sabis ba ƙarfi bidiyon ya yi ta tsayawa. Wanda ya sauke sau ɗaya da daddare ya huta. Don haka ga darasi ko bita nakan bar saukewa a buɗe, ba na ganin amfanin wahalar da ɗalibi. Ga taron kuɗi, ladabtarwa ko ɗaukar ma'aikaci kuwa, ba na buɗewa ko wa ya roƙa. Abin da nake yi wa mai ƙarancin data shi ne in faɗa masa mintin da maganar da ta shafe shi take, ya tsallaka can. Odita ba ya buƙatar awa ɗaya da rabi, daga minti 48 zuwa awa 1 da minti 10 ne aka yanke shawarar rance.

Ko da ka kashe saukewa, mai niyya zai iya naɗar allon wayarsa, ko ya ɗora wata waya a gaban kwamfuta. Saitin yana hana yaɗuwa ta sakaci ne, wadda ita ce ta fi yawa. In akwai wanda ba ka amince da shi ba, cire shi daga jerin, ka ba shi rubutaccen bayanin taro.

A nan kuma za ka ga layukan da ke ba masu kallo damar ganin saƙonni da rubutaccen jawabi. Na saƙonnin na kashe shi saboda lambobin asusun da na gani. Rubutaccen jawabin kuwa, taron da aka yi da Hausa ana sirkawa da Turanci, abin da yake fitarwa ba ya karantuwa, shi ma na kashe.

Sai Passcode, wato lambar sirri. Bar ta a kunne. Amma duba linkin da ka kwafa: in ka ga `?pwd=` a cikinsa da dogon jerin haruffa, to lambar tana cushe a cikin linkin, duk wanda ya danna zai wuce ba a tambaye shi komai ba. Ka kulle ƙofa ka bar ɗan makulli a jiki ke nan. Ana kashe wannan a Settings, sashen Recording, layin da ya fara da Embed passcode in the shareable link. Bayan ka kashe, sake kwafo linkin. Sannan ka raba hanya: linki ta imel, lamba ta saƙon tes ko a faɗa a waya. In ka haɗa su a saƙo ɗaya, tare za a tura su gaba.

Zuwa yaushe

Kunna Set expiration date ka zaɓi rana. Kada ka ɗauko kwana 7 ko 30 don kawai sun yi kyau a ido. Tambayi kanka ranar da aikin rikodin zai ƙare. Namu domin 'yan kwamiti su shirya wa taron 22 ga wata ne, sai na sa 23. Kwana ɗayan da na ƙara na kariya ne, saboda agogon asusu ba lallai ya yi daidai da na masu kallo ba. Leƙa Profile ka duba Time Zone: Najeriya da Nijar suna gaban agogon GMT da awa ɗaya, Ghana tana kan GMT daidai, kuma asusun da aka buɗe ba a gyara ba yakan zauna a kan agogon wata ƙasa. Ba ka so mutum ya zauna kallo da safiyar taro ya tarar an rufe.

Mutane kan rikita abu biyu a nan. Ranar rufewa tana kashe linki ne ga masu kallo, rikodin kansa yana nan a asusunka, yana cin wurin ajiya, kai ma kana iya kallonsa. In wani ya zo da uzuri bayan wa'adi, sai ka koma ka matsa ranar gaba. Gogewa kuwa saiti ne daban, a Settings, sashen Recording, layin da ya fara da Delete cloud recordings, inda ake sa adadin kwanakin da bayansu Zoom zai goge rikodi da kansa. In an sa shi a kwana 10 kai kuma ka sa linki ya rufe bayan kwana 15, gogewar ce za ta riga, linkin zai mutu tun kafin ranarsa. Abin da aka goge yakan zauna a Trash kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya, don haka in ka farga da wuri za ka iya dawo da shi. Duba wannan saitin kafin ka zaɓi ranar rufewa.

In ka ga wani layi ya dushe ba ya dannuwa, mai kula da asusun ma'aikatarku ne ya kulle shi, shi za ka nema.

Gwada shi kamar baƙo

Adana saitin, ka kwafi linkin daga cikin tagar Share ɗin. Linkin rabawa yana da `/rec/share/` a cikinsa. Wanda ke saman burauza lokacin da kake shafin rikodin naka ne na mai asusu, in ka tura shi ba zai yi wa kowa aiki ba.

Yanzu buɗe keɓaɓɓiyar taga a burauza, wadda ba ta san ka ba. A Chrome na kwamfuta mai Windows ana danna `Ctrl+Shift+N`. Liƙa linkin. Muddin ka gwada a tagar da ka shiga da asusunka, komai zai buɗe maka lafiya lau domin kai ne mai shi, kuma ba za ka gano komai ba. A keɓaɓɓiyar tagar, ga abin da ya kamata ka gani: a nemi ka shiga da asusu ko ka sa lamba. In bidiyon ya fara kai tsaye, akwai ƙofar da ka bari a buɗe, koma baya. Daga nan ka roƙi ɗaya daga cikin waɗanda ka lissafa ya buɗe a wayarsa kana kan layi, ka tambaye shi abu biyu: daga ina bidiyon ya fara, kuma yana ganin maɓallin Download ko babu.

Ga saƙon da na tura wa mutum huɗun:

"Assalamu alaikum. Ga rikodin taron kwamiti na Asabar 8 ga wata. Zai buɗe ne kawai da imel ɗin da kuka ba ni. Ba a saukewa, kuma zai rufe ranar 23 ga wata. Maganar rance tana farawa a minti 48. Lambar sirri na tafe ta tes. Don Allah kada a tura wa kowa, wanda yake buƙata ya neme ni."

Faɗin ranar rufewa a cikin saƙon yana rage maka kiran waya, yana kuma sa mutane su kalla da wuri.

Bayan kwana biyu ko uku leƙa Recording Analytics a shafin rikodin. Yana nuna sau nawa aka kalla, sau nawa aka sauke. Mutum huɗu ka ba, ka ga kallo 9, ba komai, mutum kan koma. In ka ga 70, linki ya fita. Nan take mayar da zaɓin masu kallo zuwa babu kowa, ka sauya lambar sirri, sannan ka sake buɗewa ga waɗanda suka dace. Ka kuma sanar da shugaba da waɗanda aka ambaci sunansu a ciki. Murya da fuskar mutum da bayanin kuɗinsa bayanansa ne na kansa, kuma a Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta shafi ƙungiyoyin da ke riƙe da irinsu.

In rikodin a kwamfuta yake

Mai asusun kyauta zai tarar da fayil mai ƙarshen `.mp4` a foldar Zoom da ke cikin Documents. Yawanci a Google Drive ake ɗora shi. Danna Share a kan fayil ɗin, ka bar General access a kan Restricted, ka rubuta imel ɗin mutanen, kowanne ka ba shi matsayin Viewer. Kula da wannan, domin akwatin kan zo da Editor, kuma mai wannan matsayi yana iya ƙara wasu mutane. Danna alamar saiti a saman tagar ka cire alamar da ke barin masu kallo su sauke ko su kwafa.

Ranar rufewa ce matsalar Drive. Zaɓin Add expiration na asusun Google Workspace ne, irin na ma'aikata ko makaranta, kuma ana sa shi ne a kan mutum ɗaya-ɗaya da ka lissafa, ba a kan Anyone with the link ba. Da Gmail na kyauta ba za ka gan shi ba. Abin yi sai ka sa wa kanka tunatarwa a kalandar waya ranar 23 ga wata, ka shiga ka cire sunayen da hannunka. Kuma ka lura da foldar da ka ajiye fayil ɗin: duk wanda yake da izini a kan folda yana da shi a kan abin da ke cikinta. In ka jefa rikodin a foldar da ka taɓa raba wa mambobi 200, duka za su gan shi ko da mutum huɗu ka lissafa. Buɗe masa sabuwar folda da ba ka raba wa kowa ba, ka ɗora a ciki, sannan ka yi gwajin keɓaɓɓiyar tagar nan kafin ka tura.